Yadda za ki samo wa maigida kyauta alhali ya ce ba ya son komai

Mata da yawa sun san wannan amsa. Ki tambayi maigida abin da yake so a saya masa, ya yi murmushi ya ce, "Ba na buƙatar komai, Allah ya yi miki albarka," ko kuma ya ce, "Ki saya wa yara kawai." Idan kika sake tambaya bayan kwana biyu, amsar ba za ta canja ba, domin tambayar ce tun farko ba ta dace da yadda aka rene shi ba. Namijin Bahaushe ya taso ne da sanin cewa shi ne mai bayarwa a gidansa, ci da sha da sutura duk a wuyansa suke, saboda haka buɗe baki ya ce wa iyalinsa "ki saya mini kaza" yana yi masa nauyi kamar roƙo. Wannan ne ya sa shawarata ta farko ita ce ki daina tambaya. Abin da bakinsa ya ƙi faɗa, kayan da yake amfani da su kullum za su faɗa miki, kuma hanya mafi tabbas ita ce ki gano abin da ya tsufa a cikinsu, ki maye masa gurbinsa da irinsa wanda ya ɗara shi inganci, da kuɗin da kowa ya san naki ne.

Kafin ki kashe ko kwabo, ki tsaya ki tantance wace irin "ba na so" ce ya faɗa, domin ba duka suke ɗaya ba. Akwai ta kara da kunya, wadda ita ce ta fi yawa, kuma alamarta ita ce yana faɗa yana dariya, ko ya kawar da zancen da addu'a. Akwai ta tausayi, wadda mai ita yake tsoron kada ki taɓa jarin sana'arki ko ki ci bashi dominsa, kuma shi ne mai bin amsarsa da tambayar, "Ina kika samu kuɗi?" Akwai kuma ta wanda damuwa ta yi masa yawa, kuɗin haya ya matso ko kuɗin makarantar yara ya tsaya masa a rai, har ya zamana sabuwar riga a wannan lokaci za ta ƙara masa nauyi ne a zuciya. Na farko da na biyu su ne wannan bayani ya fi shafa. Na uku zan dawo kansa daga baya, domin kyautarsa daban ce.

Mataki na farko: mako biyu na lura

Ki ba kanki mako biyu cur ba tare da kin ambaci kyauta ba, ki zuba ido kawai. Lokacin wanki da guga shi ne ya fi kowane lokaci amfani, domin a nan ne tufafi suke tona asirin kansu. Ki duba wuyan riga ta ciki, inda gumi da guga suke cinye zare har ya fara tashi. Ki duba bakin aljihun gefe, inda waya da makullai suke yage ɗinki, da gwiwar wando da bakin ƙafarsa, da gefen hula na ciki inda launi yake kodewa. Ki lura da kayan da yake mayarwa jikinsa duk Juma'a, da waɗanda suka shekara a ninke bai taɓa su ba. Waɗannan na ƙarshe suna da muhimmanci ƙwarai, domin su ne suke nuna miki launi da salon ɗinkin da ba ya so, ko da bai taɓa furtawa ba.

Ki kuma saurari ƙananan ƙorafe-ƙorafen da yake yi ba tare da ya ɗauke su a matsayin buƙata ba. Mutumin da ya ce ba ya son komai shi ne kuma zai ce takalmin nan yana matse masa yatsa, ko hular nan ta yi masa yawa tun da aka kai ta wanki, ko ya riƙa jijjiga kwalbar turare yana neman ɗigon ƙarshe. Haka nan idan kuka dawo daga biki ya ce, "Yadin da wane ya sa ya yi kyau," to ya gaya miki abin da yake so ba tare da ya sani ba. Ki rubuta irin waɗannan a wayarki ko a takarda, domin bayan kwana goma ba za ki tuna su duka ba.

A ƙarshen mako biyun za ki ga abu biyu ko uku sun fi fitowa fili. A yawancin gidajen da na sani, sutura ce take zuwa a gaba, musamman ga magidancin da ya saba ɗinka wa kowa kayan Sallah ya bar kansa a ƙarshe, har kuɗin ya ƙare kafin a zo kansa. Saboda haka zan bi wannan hanya dalla-dalla, wato yadda za ki ɗinka masa kaftani da wando, ki haɗa da hula, ba tare da kin kai shi wurin tela an gwada shi ba.

Mataki na biyu: kuɗin da za ki kashe

Wannan shi ne wurin da kyauta mai kyau take lalacewa tun ba a saye ta ba. Kada ki rage daga kuɗin cefane, ko da kuwa kina ganin ragowar haƙƙinki ce saboda kin iya tattali. Idan daga baya ya fahimci cewa da kuɗin miya aka saya masa riga, zai ji kamar shi ya saya wa kansa, kuma zai fara lissafin abin da aka rage wa yara a cikin tukunya. Kada kuma ki karɓi yadi bashi a wurin dillaliya da niyyar biya kaɗan-kaɗan, domin ranar da ta aiko yaro karɓar kuɗi alhali yana gida, daɗin kyautar ya tafi gaba ɗaya. Kuɗin ya fito daga abin da yake mallakarki: ribar sana'a, albashi, kwasar adashi, ko wani abu da aka ba ki kyauta. Addini ya tabbatar wa mace dukiyarta, kuma a cikin Suratun Nisa'i an halatta wa miji cin abin da matarsa ta ba shi daga sadakinta da daɗin rai. Wannan yana da amfani ki sani idan maigida mai taka-tsantsan ne a kan haƙƙi, domin wasu suna ƙin karɓa ne saboda tsoron cin dukiyar mace.

Ki yanke adadin da za ki iya kashewa tun kafin ki ga kaya, sannan ki kasa shi uku. Kaso mafi girma na yadi ne, na biyu na tela, na uku na hula. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zuba kuɗin duka a kan shadda mai tsada, sai a rasa na ɗinki, a kai wa tela mai araha ya ɓata ta. Yadi matsakaici a hannun gwanin tela ya fi gezna a hannun ɗan koyo, kuma duk wanda ya taɓa ganin wuyan riga ya karkace ya san gaskiyar wannan.

Mataki na uku: zaɓen yadi

Ki fara da launi, kuma a nan son ranki ba shi ne ma'auni ba. Ki buɗe durowarsa ki duba launukan da suka fi yawa a cikin kayan da yake sawa da gaske. Idan ruwan toka da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu ne suka cika ta, to ki tsaya a cikin wannan dangi, ki zaɓi wanda ba shi da irinsa sak. Idan kika kawo masa launi mai ɗaukar ido alhali shi mutum ne mai son shiga ta natsuwa, zai yi godiya, ya sa sau ɗaya don ya faranta miki, daga nan rigar ta koma ƙasan akwati. Fari yana da kwarjini ranar Juma'a da Sallah, amma ki yi la'akari da sana'arsa da abin hawansa, domin mai hawa babur a lokacin hunturu ba ya jin daɗin fari, ƙura tana dafar da shi tun kafin ya isa masallaci.

Sai nau'in yadin. Shadda tana da ƙyalli da nauyi, ta fi dacewa da taro da biki da Idi, kuma tana son kulawa wajen wanki da guga ko bugu. Yadi mara ƙyalli, irin wanda maza suke ɗinkawa don zuwa aiki, ya fi sauƙin sawa kullum, kuma mutumin da ya ce ba ya son komai ya fi saurin karɓar abin da zai mora kowace rana fiye da abin da zai ga kamar almubazzaranci ne. Idan ya riga ya mallaki kayan fita kunya amma na zuwa aiki sun koɗe, to yadi za ki saya. Idan kuwa shekara biyu ko uku ke nan yana maimaita riga ɗaya a Idi, shadda ta fi dacewa.

Game da adadi, yadi biyar shi ne abin da aka saba yanka wa babban mutum don kaftani da wando, kuma siriri marar tsayi yana iya wadatuwa da huɗu. Cikakkiyar shiga ta babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa tana cin kusan yadi goma. Ba na ba da shawarar a fara da babbar riga, domin kuɗinta ninki ne, aikin da ake yi mata yana ɗaukar lokaci, kuma maza suna da ra'ayi mai ƙarfi a kan faɗinta da irin aikin wuyanta, abin da da wuya ki dace da shi ba tare da an tambaye shi ba. Idan kuɗinki ya kai, abin da ya fi amfani shi ne ki ƙara yadi biyu a kan biyar ɗin, a ɗinka masa wando biyu. Wando yana mutuwa kafin riga, musamman ga mai hawa babur ko mai yawan zama a tabarma, kuma da zarar ya mutu rigar ta zama marainiya, domin da wuya a sake samun yadi mai launi iri ɗaya bayan watanni.

Idan a Kano kike, Kantin Kwari ita ce babbar kasuwar yadi, kuma 'yan kasuwa daga garuruwa da dama, har da Jamhuriyar Nijar, can suke zuwa sari. Amma ko a wane gari kike, ƙa'idar ɗaya ce: kada ki saya a shagon farko, ki taya a wuri uku, kuma ki fito da yadin bakin ƙofa ki gan shi a hasken rana, domin fitilar shago tana canja launi, shuɗi mai duhu ya koma kamar baƙi. Ki damƙe gefensa a tafin hannu ki saki, ki ji ko taurinsa na saƙa ne ko na sitaci, domin wanda sitaci ya riƙe yana yin laushi kamar tsumma bayan wanki ɗaya. Idan mai shago ya ce miki auduga ce zalla, ki roƙi ɗan zare daga gefe ki ƙona shi da ashana. Zaren auduga yana ci da wuta ya bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, shi kuwa zaren roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Wannan gwaji yana da muhimmanci a ƙasar zafi, domin yadi mai roba da yawa yana riƙe gumi, kuma a watannin bazara ba a iya zama a cikinsa. Asalin gezna daga ƙasar Ostiriya take fitowa, kuma saboda sunan da ta yi, kwaikwayonta ya yi yawa a kasuwa, don haka idan aka yi miki farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna, ki ɗauka ba ita ba ce. Idan ba ki saba shiga kasuwa ba, ki aiki ɗan'uwanki ko ƙanin maigidan da kika yarda da riƙon sirrinsa, ki ba shi ɗaya daga cikin rigunan da maigida yake so ya tafi da ita don kwatance.

Mataki na huɗu: tela da gwaji

Hanya mafi sauƙi ita ce a kai wa telan da ya saba yi masa ɗinki, domin yana da gwajinsa a littafi, kuma ya san abubuwan da ba a rubutawa, kamar ko yana son riga ta sauka ƙasan gwiwa ko ta tsaya a kanta, ko yana son hannu sake ko mai maɓalli, da yawan aljihun da yake so. Sai dai ki tuna abu biyu. Na ɗaya, gwajin da ke littafi yana iya zama na shekara biyu da suka wuce, alhali jiki ya ƙaru ko ya ragu, don haka ko da telansa ne, ki haɗa da rigar da ta fi zama masa daidai a yanzu. Na biyu, tela abokin hirar maigida ne, idan ba a ja masa kunne ba zai iya cewa, "Alhaji, kayanka sun kusa," alhali Alhaji bai san da wasu kaya ba. Wanda kika aika ya gaya masa a fili cewa kyauta ce kuma ba a son maganar ta fita.

Idan ba ki san telansa ba, ko yana wani gari, to ki zaɓi riga da wando ɗaya waɗanda ba ya ƙorafi a kansu, ki aika wa telan maza da aka shaide shi, a ce ya kwafi gwajin daga jikinsu: tsawon riga, kafaɗa, hannu, wuya, faɗin jiki, sai tsawon wando da cinya da bakin ƙafa. Ki zaɓi ranar da kayan suke cikin wanki, yadda ba zai neme su ba, kuma a auna a dawo da su a ranar. Kada ki kai wa telarki ta mata ko da ta ce ta iya, domin wuyan kaftani da kafaɗarsa sana'a ce ta daban. Game da aikin wuya da ƙirji, ki zaɓi mai sauƙi, da zare mai launin yadin ko wanda ya ɗan fi shi duhu. Aiki mai yawa yana ƙara kuɗi, kuma shi ne abin da dattijo ko mai kunya yake fara ƙi.

Lokaci kuwa shi ne abin da ya fi kayar da mutane. Idan don Ƙaramar Sallah kike shiri, yadin ya isa hannun tela a watan Rajab ko farkon Sha'aban, domin da azumi ya kama aiki yana yi wa teloli yawa, wasu su daina karɓa, wasu su karɓa su kasa cika alkawari, wasu kuma su miƙa wa yaran shago su yi a gurguje. Ga Babbar Sallah, ki kai a Shawwal. Ki ba da rabin kuɗin ɗinki a riƙe rabi sai an karɓi kaya, kuma ranar da za a faɗa wa tela ta riga ainihin ranar da kike buƙata da aƙalla kwana goma. Idan kayan suka zo, ki shimfiɗa su a kan tsofaffin da aka yi gwaji da su, kafaɗa a kan kafaɗa, ki duba ko sun yi daidai, ki duba ko wuya ya zauna a tsakiya, ko aljihu bai karkace ba, ko hannayen biyu tsawonsu ɗaya. Kwana goman nan na gyara ne idan an sami kuskure.

Mataki na biyar: hula

Hula ita ce take cika shiga, kuma ita ce ta fi sauƙin kuskurewa, domin rabin inci yana raba wadda ta zauna da wadda take matse goshi. Ana auna ta da inci, kuma kan yawancin manya yana tsakanin 21 da 24. Ki ɗauki tef ɗin tela ki zagaya bakin hular da ya fi sawa ta ciki, ko kuma, wanda ya fi tabbas, ki ba ɗan aike hular ya je da ita wurin mai sayarwa a gwada. Kada ki yi awo da wadda ya daina sawa, domin watakila dalilin barinta shi ne ta matse ko ta saki a wurin wanki. Ki lura kuma da tsayinta, domin wani doguwa yake so don ya karya ta, wani kuma gajeriya. A tafi da ƙyallen yadin da tela ya rage, a nemi hular da ɗaya daga cikin zarurrukanta ya yi kama da shi, ba lallai ta zama launi ɗaya da rigar gaba ɗaya ba. Hular ɗinkin hannu, irin su zanna da kube, ta fi ta inji tsada da ƙarko, kuma idan kuɗin da ya rage bai kai na mai kyau ba, gara ki kai hulunansa biyu wurin masu wankin hula su dawo kamar sababbi, da ki sayo wadda zarenta zai zuba a wankin farko.

Wani misali daga gidan 'yar'uwata

Wata 'yar'uwata tana auren malamin makarantar firamare, mutum mai kara wanda duk shekara yake cewa shi ya wadatu. A karon farko da ta yi niyyar kyautata masa, ta sayo agogon hannu mai kyau da kuɗin adashinta, ya karɓa ya yi addu'a, amma agogon ya shekara a cikin kwalinsa, domin shi mutum ne da ya saba duba lokaci a waya, kuma ba ya son abin da zai riƙa cirewa duk lokacin alwala. Ta ji zafin abin, har ta ɗauka raina kyautar ya yi, alhali kuskuren shi ne ta saya masa abin da ita take ganin ya dace da namiji, ba abin da rayuwarsa take nema ba.

A shekara ta gaba sai ta bi ta hanyar lura. Ta gano cewa kaya uku kacal yake juyawa zuwa makaranta, kuma biyu daga ciki wandunansu sun yi haske a gwiwa saboda babur da ƙurar alli, har yakan tsaya da safe yana juya su kafin ya zaɓa. Ta jira kwasarta ta adashi, ta aiki ƙaninta ya sayo yadi bakwai ruwan toka mai duhu marar ƙyalli, aka kai wa telan maigidan tare da rigar da ta fi zama masa daidai, aka ce riga ɗaya, wando biyu, aiki kaɗan a wuya, aljihun gefe mai zurfi saboda waya. Telan ya yi alkawarin mako biyu, ya cika a na uku, kuma da ta shimfiɗa sabon a kan tsohon sai ta ga hannun ya fi tsawo da kusan inci ɗaya, aka mayar aka rage a kwana biyu. Kuɗinta bai kai na sabuwar hula ba, sai ta kai tsohuwarsa mai zaren toka wanki. Ba ta jira Sallah ba, ta ba shi ana saura kwana uku a koma makaranta bayan hutu. Abin da ya ce shi ne, "Ke kuwa me ya sa kika wahalar da kanki?" Ranar Litinin da su ya fita, kuma daga baya wando na biyun ne ya fi ambata, domin ya ce shi kansa bai taɓa tunanin ya yi wa kansa haka ba.

Mataki na shida: yadda za ki miƙa

Ki zaɓi lokacin da ku biyu ne kawai, bayan ya ci abinci ya huta, ba a gaban baƙi ko 'yan'uwansa ba, domin mai kara yana jin nauyin a ga matarsa ce ta tufatar da shi, kuma kunyar tana iya sa ya nuna kamar bai damu ba. Idan kuna da yawa a gidan, ki bari sai ranar girkinki, a ɗakinki, kuma kada ki mai da kyautar abin gasa ko abin yi wa abokiyar zama habaici, domin da zarar ya ji ƙamshin haka zai guji sa kayan don a zauna lafiya. Ki goge su, ki turara su da turaren wuta irin wanda ya saba da shi, ki ninke ki ajiye a inda yake ajiye kayan da zai sa. Magana kaɗan ta isa, kamar ki ce, "Baban yara, ga wannan, na ga na zuwa aikin sun gaji." Idan ya tambayi kuɗin, ki gaya masa daga ina suka fito, wato daga adashi ko sana'a, domin hankalinsa ya kwanta, amma ba sai kin faɗi adadin ba. Kada kuma ki biyo bayan kyautar da wata buƙata a wannan daren ko washegari, ko da buƙatar ta gaskiya ce, domin zai haɗa su biyun a ransa, kuma duk wata kyauta ta gaba zai karɓe ta yana jiran abin da zai biyo baya.

Kada ki auna nasara da yawan kalmomin godiya. Maza da yawa godiyarsu a taƙaice take, wani ma faɗa-faɗa zai yi a kan kin kashe kuɗi. Ma'aunin shi ne ko ya sa kayan a cikin mako biyu ba tare da kin tuna masa ba. Idan ya sa, kin dace. Idan wata guda ya wuce suna ninke, ki tambaye shi cikin sauƙi ko akwai inda ya matse ko ya yi yawa, domin sau da yawa matsalar ɗan gyara ce da yake jin nauyin faɗa. Idan kuma ya ɗauka ya ba ƙaninsa ko wani mabuƙaci, ki haɗiye abin da kika ji, domin kayan sun zama nasa tun da kika miƙa, kuma gori a kansu zai rufe ƙofar karɓa daga hannunki.

Idan ba sutura ce buƙatarsa ba

Wani lokaci lurar mako biyun za ta nuna miki cewa tufafinsa lafiya lau suke. A nan turare shi ne mafi aminci, musamman ga mai ƙin karɓa saboda kara, domin ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya mayar da kyautar turare, kuma magidanta da yawa sun san haka. Sai dai ki sayi irin wanda yake amfani da shi, ki tafi da tsohuwar kwalbar, kada ki zaɓa masa sabon ƙamshi da hancinki. Idan zobe kika yi niyya, na azurfa ne ya halatta ga namiji Musulmi, ban da zinariya, haka kuma tufafin alharini zalla.

Shi kuwa wanda "ba na so" ɗinsa ta damuwa ce, kyautarsa ita ce ki sauke masa wani nauyi da kika san yana ɗauke da shi. Idan babur ne abin neman abincinsa kuma tayar baya ta siɗe, ki ba ƙaninsa kuɗi ya kai a canja, a juye baƙin mai. Idan kowace Sallah yakan yi wa mahaifiyarsa turmin atamfa kuma bana kin ga hannunsa bai kai ba, ki saya ki ba shi a ɓoye, ki ce, "Ka kai wa Hajiya," ya miƙa da hannunsa a matsayin daga gidansa. Kada ki aika da kanki ki tsallake shi, kuma kada ki bari labarin wanda ya biya ya fita daga bakinki zuwa ga dangi, ko naki ko nasa.